Yadda Taransifoma Ke Shan Iska: Matakan Sanyaya da Aikin Fanka a Zafin Sakkwato

Gabatarwa

Wutar lantarkin da ake sha a birnin Sakkwato tana yin doguwar tafiya kafin ta iso. Babban layin da ke kawo ta ya taso ne daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka buɗe a 1968, ya zo Birnin Kebbi da ƙarfin bolt 330,000. A can ake rage ta zuwa bolt 132,000 a turo ta Sakkwato, inda ake sake rage ta zuwa 33,000, sannan 11,000, har ta sauko daidai yadda gida zai iya ɗauka. A kowane zango na'urar da ke wannan ragi ita ce taransifoma. Wanda ya taɓa wucewa kusa da babbar tashar wuta da tsakar ranar bazara zai ji wani gurnani da ba ya ji da asubahin hunturu. Fankoki ne suka tashi, kuma ba wani mutum ya kunna su ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke tayar da su, da dalilin da ya sa sha'aninsu ya fi tsanani a gari irin Sakkwato.

Mafarin Zafin

A cikin tankin taransifoma akwai ƙarfen tsakiya da naɗe-naɗen wayar jan ƙarfe, an lulluɓe wayar da takarda, an nutsar da duka cikin mai. Ƙarfen yana fitar da zafi kusan iri ɗaya muddin akwai wuta. Ita kuwa waya, zafinta yana bin nauyin lodin da aka ɗora mata, kuma ba sannu a hankali yake bi ba: in lodi ya ninka biyu, zafin da take fitarwa sai ya ninka huɗu.

Abin tsoro a nan ba ƙarfen ba ne, ba kuma wayar ba. Takardar ce. Zafi yana cin ta kamar yadda rana ke cin tsohon zane, har ta bushe ta riƙa karyewa, kuma in ta lalace babu gyara sai sabon naɗi. Ƙa'idar ƙasashen duniya mai lamba IEC 60076 ta ɗauka cewa takarda ta yau da kullum tana tsufa daidai wa daida in wuri mafi zafi a cikin naɗin yana kan digiri 98. Duk ƙarin digiri 6 a kan haka yana ninka saurin tsufan sau biyu. Wato yini ɗaya a kan digiri 110 daidai yake da yini huɗu na rayuwar na'urar.

Matakin Farko da na Biyu

A jikin kowace babbar taransifoma akwai farantin ƙarfe da aka rubuta bayananta. A nan ake ganin haruffa huɗu-huɗu kamar ONAN da ONAF. Biyun farko suna magana a kan abin da ke sanyaya ciki da yadda yake zagayawa, biyun ƙarshe kuma a kan abin da ke sanyaya waje. O mai ne, A iska ce, N na nufin abu yana tafiya da kansa, F kuma tilasta shi ake yi.

A matakin ONAN babu inji ko ɗaya da ke motsi. Man da ya taɓa waya yana ɗumi, ya yi rashin nauyi, ya hau saman tanki. Daga can ya shiga bututun da ke kai shi lagireto, wato faifayen ƙarfen nan da ke jere a gefen tanki. Iskar da ke tsakanin faifayen tana karɓar zafin ta tashi sama, mai ya huce, ya yi nauyi, ya gangara ya koma tanki ta ƙasa. Duk wadda ta taɓa lura da yadda ruwa ke juyawa cikin tukunya kafin ya tafasa ta ga wannan aiki. Kyawunsa shi ne babu abin da zai lalace. Kasawarsa kuwa ita ce iskar da ke tashi da kanta raguwa ce.

Matakin ONAF shi ne a kafa fankoki ƙarƙashin lagireto ko gefensa su hura iska da ƙarfi tsakanin faifayen. Mai yana nan yana zagayawa da kansa, iska kaɗai aka tilasta. Shi ya sa ake ganin lamba biyu a faranti, misali 45/60 MVA: za ta ɗauki 45 ba fanka, ta ɗauki 60 in fankoki na aiki. Ƙarin lodin kashi ɗaya ne cikin uku, amma zafin da waya ke fitarwa ya ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari, kuma fankokin ne ke kwashe wannan rarar. Akwai mataki na gaba, OFAF, inda ake sa famfo ya tura man shi ma, sai dai wannan ya fi yawa a manya-manyan na'urori.

Wa Ke Kunna Fanka?

Ma'aunan zafi biyu ne ke cikin akwatin da ke manne da tanki. Na farko, OTI, yana auna man saman tanki ta wani ɗan aljihun ƙarfe da aka cika da mai aka tsoma kan ma'aunin ciki. Na biyu, WTI, shi ne na waya, kuma a nan dabara take. Ba a iya tsoma ma'auni na yau da kullum cikin naɗin da ke ɗauke da dubban bolt. Don haka sai a auna man sama, sannan a ƙara wa ma'aunin zafi da wata 'yar waya mai ɗumama, wadda ake ciyarwa da ƙaramar wuta daidai gwargwadon lodin taransifomar. In lodi ya hau, 'yar wayar ta ƙara zafi, allura ta hau. Ashe dai abin da WTI ke nunawa kwaikwayo ne na zafin naɗin, kuma ingancinsa ya rataya ga yadda aka saita shi tun farko.

Galibi shi ake ɗaura wa fankoki, domin mai yana da nawa. Tan-tan na mai sai ya yi awa biyu ko uku kafin ya nuna sauyin lodi sosai, alhali waya cikin kamar minti goma ta yi zafi. In aka jira mai, takarda ta riga ta sha wuya.

A cikin ma'aunin akwai ƙananan makunnai da allura ke taɓawa. Saitin ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, amma a ɗauki wannan misali: rukunin fankoki na farko ya tashi a digiri 65, ya tsaya a 55, na biyu ya tashi a 75, ya tsaya a 65, ƙararrawa ta kaɗa a 105, wuta ta yanke a 120. Tazarar goman nan da ke tsakanin tashi da tsayawa da gangan aka bar ta. Da a ce fanka na tashi da tsayawa a lamba ɗaya, da ta ɗan hura zafi ya sauka sai ta tsaya, ya hau ta sake tashi, a wuni ana haka har inji ya ƙone.

Lodi Ɗaya, Yanayi Biyu

A ƙaddara wata taransifoma mai 45/60 MVA wadda a cikakken lodi manta ke fin iskar waje zafi da digiri 52, wuri mafi zafi na wayarta kuma ya fi man da 26. Jimla 78 ke nan, wanda shi ne iyakar da ƙa'ida ta yarda. Aka ɗora mata 30 MVA, kashi biyu cikin uku na abin da take ɗauka ba fanka. Lissafi ya nuna mai zai hau da kamar 31, waya ta ƙara 15, jimla 46 bisa zafin iska.

Da asubahin Janairu, lokacin da hunturu kan sauko da zafin Sakkwato kusan digiri 16, allura za ta tsaya wajen 62. Fanka ko ɗaya ba za ta motsa ba. Da azahar ta Afrilu kuwa, iska tana kan 43, lodin nan dai da bai sauya ba zai nufi 89, ya wuce makunnin farko, ya wuce na biyu, fankoki duka su tashi su ja shi ƙasa. Ma'auni bai san lodi ne ya kawo zafin ko rana ba. Jimla kawai yake gani.

Daga nan ake gane matsalar Sakkwato. Lambar 98 ɗin can ta samu ne daga haɗa 78 da digiri 20, wanda ƙa'idar ta ɗauka a matsayin matsakaicin zafin shekara, tare da cewa iska ba za ta wuce 40 ba. Matsakaicin Sakkwato kuwa yana kusan 28, kuma wuce 40 a bazara ba labari ba ne. Bambancin digiri 8 kaɗai ya isa ya sa takarda ta tsufa kusan ninki biyu da rabi a cikakken lodi. Shi ya sa mai saye in ya san aikinsa yakan nemi a ƙera masa na'urar da hauhawar zafinta ba ta kai iyakar ƙa'ida ba.

To, a ce lodi ya kai 60 a wannan azahar. In fankoki na lafiya, allura za ta nufi 121, bakin yankewar wuta. In kuwa sun mutu, lissafi na kai ta kusa da 160, alhali tun daga wajen 140 danshin da ke cikin takarda kan fara fitar da kumfa cikin mai, kumfa kuma hanya ce ga tartsatsin wuta. Nawar mai ce ke ba ma'aikaci ɗan lokacin da zai rage lodi, kuma sau da yawa ɗauke wutar wata unguwa da rana ba ya rasa nasaba da irin wannan ceto.

Inda Aiki Kan Ɓaci

Mafi yawan cikas ƙanana ne, ana kuma gane su da ido da hannu. Ƙurar hunturu tana kwanciya tsakanin faifayen lagireto ta zama bargo. In ba a wanke ba kafin Maris, fanka na juyawa amma zafi ba ya sauka yadda ya saba. Lagireto mai lafiya samansa ya fi ƙasansa zafi. Wanda aka taɓa aka ji shi sanyi ƙalau a tsakanin 'yan'uwansa, an mance bawul ɗinsa a rufe ne, ko iska ta tsaya masa a wuya. Fankar da aka gyara aka sauya mata wayoyi biyu cikin uku za ta juya da baya, ƙararta ba ta nuna komai, sai an sa ƙyalle a gabanta an ga inda ya karkata. Akan kuma bar makunnin akwati a kan MANUAL bayan gwaji maimakon AUTO, sai ma'auni ya yi ta kira ba mai amsawa.

Mafi muni shi ne man aljihun ma'auni ya tsiyaye. A lokacin allura za ta nuna ƙasa da gaskiya, fankoki su makara, ƙararrawa ma ta yi shiru. Alamarsa ita ce a ga lodi ya yi nauyi, rana ta take, saman tanki ba ya taɓuwa, amma jar allurar nan da ke riƙe zafi mafi girma da aka kai tana nan inda aka bar ta tun watan Janairu.