Yadda ake auna manhajar da ke gano abubuwa a hoto, da inda ake kafa mata iyaka

Manhajar gano abubuwa a hoto ba ta cewa eh ko a'a kai tsaye. Idan aka ba ta hoton titi, sai ta zana akwati a kan duk abin da take zargi, ta ba shi suna, sannan ta liƙa masa maki tsakanin 0 da 1, wanda ke nuna yawan tabbacinta. Wani akwatin ya samu 0.95, wani 0.08. Mutum ne zai yanke cewa daga maki kaza zuwa sama za a yarda, abin da ya gaza a zubar. A nan ne ayyuka da yawa ke lalacewa, domin masu su kan ɗauka cewa lamba ɗaya da ake kira mAP ta riga ta gama musu komai.

Mu ɗauki misali. A ce an kafa kyamara a wani shataletale a Kano don ƙirga ababen hawa, kuma ana son ta riƙa gane adaidaita sahu. Yawancin manhajojin da ake saukewa kyauta an horar da su ne da tarin hotuna na COCO, wanda ya fito a 2014 kuma yake da nau'o'in abubuwa 80. Akwai mota, da babur, da bas, da babbar mota a ciki, amma babu mai ƙafa uku. Dole ke nan a tara hotunan gida, mutane su zauna su zana akwati da hannu a kan kowane adaidaita, a sake horar da manhajar. Wani kaso na hotunan ana ware shi, ba a nuna mata lokacin horo, don da shi za a gwada ta.

Kafin a fara ƙirga kuskure, sai an yarda a kan abin da ake nufi da "ta gano". Ana ɗora akwatin manhaja a kan wanda mutum ya zana, a auna faɗin wurin da suka hau kan juna, a raba shi da faɗin wurin da su biyun suka mamaye gaba ɗaya. Sakamakon shi ne IoU. A ce akwatin gaskiya fiksel 100 ne a tsaye da kwance, na manhaja kuma girmansu ɗaya amma ya goce da fiksel 20 zuwa dama. Inda suka haɗu 8,000 ne, jimillar wurin 12,000, IoU ya kama 0.67. Idan gocewar ta kai fiksel 40, sai ya faɗo zuwa 0.43. Tsohuwar ƙa'idar gasar PASCAL VOC, wadda aka yi daga 2005 zuwa 2012, ita ce IoU ya kai 0.5 kafin a ce an dace. Don haka akwatin nan na biyu, ko da yake a kan adaidaitan yake, hukunci biyu yake jawowa: an ƙirga shi a matsayin ƙarya, sannan an ƙirga adaidaitan a matsayin wanda ya kuɓuce. Wannan ne ya sa ƙananan abubuwa suke wahalar da manhaja. Adaidaitan da ke can nesa, mai faɗin fiksel 20, gocewar fiksel 8 kawai ta isa ta kayar da shi. Haka nan idan manhaja ta zana akwati biyu a kan abu ɗaya, mai maki mafi yawa ne ake karɓa, ɗayan ƙarya ne.

Daga nan ne ma'auni biyu suke fitowa. Mace mai tsince tsakuwa daga wake za a iya yi mata tambaya biyu: cikin abin da kika zubar, nawa ne tsakuwa ta gaske, kuma cikin tsakuwar da ke faifan, nawa kika cire? Ta farko ita ce sahihanci, wanda ke fitowa a allo da sunan `precision`. Ta biyu ita ce yawan kamu, wato `recall`. A rubuce, TP shi ne akwatin da ya dace, FP akwatin ƙarya, FN kuma abin da ya kuɓuce:

```
precision = TP / (TP + FP)
recall    = TP / (TP + FN)
```

Mu ƙanƙantar da lissafin don a gan shi da ido. A ce hotunan gwaji na ɗauke da adaidaita 5 na gaske, manhaja kuma ta fitar da akwati 7. Idan aka jera su daga babban maki zuwa ƙarami, mai 0.95 da mai 0.90 sun dace. Mai 0.80 ƙarya ne, rumfar mai shayi ce mai ruwan ɗorawa. Mai 0.70 ya dace. Mai 0.55 ƙarya ne, akwati na biyu ne a kan adaidaitan da aka riga aka kama. Mai 0.40 ya dace, wani ne da bas ta tare rabinsa. Mai 0.20 ƙarya ne. Adaidaita na biyar kuwa manhajar ba ta gan shi ba sam.

Yanzu a kafa iyaka a 0.85. Akwati biyu suka tsallake, duk gaskiya, sahihanci ya cika 1.0, amma kamu 0.4 ne kawai, tunda biyu cikin biyar aka samu. A sauko da ita zuwa 0.6: akwati huɗu, uku gaskiya, sahihanci 0.75, kamu 0.6. A sake saukowa zuwa 0.3: akwati shida, huɗu gaskiya, sahihanci 0.67, kamu 0.8. Manhajar ba ta canza ba ko kaɗan, amma ta ba da sakamako uku daban. Shi ya sa idan wani ya ce maka sahihancin manhajarsa kashi 98 cikin ɗari ne, bai faɗi komai ba sai ya faɗi kamunta da kuma iyakar da ya auna a kai.

An ƙirƙiro AP ne don a samu lamba ɗaya da ba ta dogara da iyaka ba. Ana bin jerin daga sama zuwa ƙasa, duk lokacin da kamu ya ƙaru sai a duba sahihanci mafi girma da ake samu daga wannan matakin zuwa gaba. A misalinmu kowane adaidaita yana ƙara kamu da 0.2. Na farko da na biyu an same su sahihanci yana 1.0, na uku yana 0.75, na huɗu yana 0.67, na biyar bai kawo komai ba tunda ba a same shi ba.

```
AP = 0.2 × (1.0 + 1.0 + 0.75 + 0.67 + 0) ≈ 0.68
```

Abin da AP ke sakawa a kai shi ne iya jeri: manhaja ta ba gaskiya maki sama da ƙarya. Ƙaryar da ta zo a 0.80 ta rage shi sosai, wadda ta zo a 0.20 kuwa ba ta taɓa shi ba, saboda babu wata gaskiya a bayanta. Idan aka lissafa AP na kowane nau'i, mota da babur da bas da adaidaita, aka ɗauki matsakaicinsu, shi ne mAP.

Sai dai mAP ba iri ɗaya ba ne. Wanda ake rubutawa `mAP50` yana amfani da IoU na 0.5 kaɗai. Na COCO, wanda manhajojin YOLO na Ultralytics ke nunawa da sunan `mAP50-95`, yana maimaita lissafin sau goma, daga IoU 0.50 zuwa 0.95, ana ƙara 0.05 kowane karo, sannan a ɗauki matsakaici. Na biyun ya fi tsauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya wuce na farko. Ga mai ƙirga motoci, wanda bai damu ko akwati ya ɗan karkace ba, na farko ya fi kusa da buƙatarsa. Ga mutum-mutumin masana'anta da zai miƙa hannu ya ɗauki abu, na biyu ne abin dubawa. Kwatanta lambar wannan da ta wancan yaudara ce, kuma ana yin ta a tallace-tallace.

Matsakaici kuma yana ɓoye aibu. Idan mota ta samu 0.90, bas 0.88, babur 0.82, adaidaita kuma 0.40, mAP zai fito 0.75, lamba mai kyan gani, alhali abin da aka kafa kyamarar dominsa shi ne ya faɗi. A ganina duk rahoton da bai nuna AP na kowane nau'i ba bai cancanci a sa masa hannu ba.

Akwai wani tarko na aiki. A manhajar Ultralytics, iyakar da take zuwa da ita wajen amfani ita ce `conf=0.25`, wajen awo kuma `conf=0.001`. Dalili shi ne AP yana buƙatar jerin gaba ɗaya har zuwa wutsiya. Wanda ya ɗaga iyaka lokacin awo ya yanke wutsiyar, kamu ya tsaya a hanya, mAP ya ragu ba don manhajar ta lalace ba. Ita kuma 0.25 ɗin ba a zaɓe ta don shataletalenka ba.

To ina za a kafa ta? Mafari mai sauƙi shi ne F1, wanda ke haɗa ma'aunin biyu, kuma yana faɗuwa idan ɗayansu ya yi ƙasa. A misalinmu ya ba da 0.57 a iyakar 0.85, ya ba da 0.67 a 0.6, ya kai 0.73 a 0.3, sannan ya koma 0.67 idan aka karɓi akwatunan bakwai duka. Amma F1 yana ɗaukar kurakuran biyu da nauyi ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa a zahiri ba. Idan kyamarar tara za ta riƙa sa wa direban da ya keta doka, akwatin ƙarya zalunci ne a kan wanda bai yi laifi ba. Sai a fara da sharaɗi, misali sahihanci kada ya gaza 0.99, a nemi iyaka mafi ƙasa da ta cika shi, a haƙura da waɗanda suka tsere. Idan kuwa kyamarar tana kan mota ne don ganin mai tafiya a ƙasa, kuɓucewa ce hatsarin, don haka kamu ake kafa wa sharaɗi, a jure ƙararrawar banza.

Ƙirga tana da nata ruɗin. A kafa iyaka a 0.5 a misalinmu, akwati biyar za su tsallake, kuma adaidaita biyar ne a hotunan. Jimilla ta yi daidai cif, amma uku ne kawai na gaske, ƙarya biyu ta cike gurbin biyun da suka kuɓuce. Ranar da aka ɗauke rumfar mai shayi, lissafin zai tashi daga daidai ba tare da kowa ya san dalili ba.

Makin tabbaci ma ba yiwuwa ba ce ta gaskiya. Akwati mai 0.80 ba ya nufin takwas cikin goma irinsa suna dacewa, sai an ƙirga an gani. Kuma da zarar an sake horar da manhaja, makin ya sauya, iyakar jiya ta tashi aiki. Ana zaɓen iyaka a kan wani rukunin hotuna, a tabbatar da ita a kan wani daban da ba a taɓa ba, kuma kowane nau'i zai iya samun tasa.

Duk wannan lissafi bai wuce ingancin hotunan gwajin ba. Idan daga bidiyo ɗaya aka yanko hotuna aka raba su barkatai, hoton horo da na gwaji za su zama kusan abu ɗaya, tazarar daƙiƙa ce tsakaninsu, mAP ya hau sama a banza. A raba su da rana ko da kyamara. Idan an tara su duka da rana tsaka a damina, ba su ce komai ba game da dare, ko ƙurar hunturu, lokacin da maki ke sauka gaba ɗaya har gaskiya ta riƙa faɗowa ƙasan iyaka. Alamar ita ce ƙirga ta ragu kwatsam alhali titi a cike yake. Yana kuma da kyau a buɗe akwatunan ƙarya masu babban maki a dube su ɗaya bayan ɗaya, domin wasunsu adaidaita ne na gaske da mai zanen hannu ya tsallake don gajiya, kuma har sai an gyara zanen, ana ci wa manhajar tara ne a kan abin da ta gani daidai.