Ƙwayar da ke sauya gani, da wadda ke hana barci

Ranar 19 ga Afrilu, 1943, Albert Hofmann, masanin haɗa magunguna a kamfanin Sandoz da ke Basel a ƙasar Suwizalan, ya sha LSD, sinadarin da shi da kansa ya haɗa tun 1938. Abin da ya sha bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na miligiram ba. Da ya hau keke zai koma gida, sai hanya ta riƙa lanƙwashewa a idonsa, yana jin kamar ba ya gaba, alhali mai rakiyarsa ya ce gudu suke yi. A gida, maƙwabciyar da ta kawo masa madara ta rikiɗe masa ta zama mayya. Likita ya zo ya duba, bai ga komai ba sai ƙwayar idonsa da ta buɗe sosai. Can da tsoro ya lafa, sai ya shiga jin daɗin launuka masu juyawa, kowace ƙara ya ji sai ta zame masa hoto.

Haka wannan rukuni yake aiki, wato LSD, da silosibin na wasu nau'o'in laimar kwaɗi, da meskalin. Suna kama wata mashiga ta sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa mai suna 5-HT2A, sai yadda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido da kunne suka kawo ya hargitse. Bango ya yi kamar yana numfashi, minti guda ya yi tsawon awa. Zuciya kuwa ba ta da alƙibla ɗaya: murna da firgici kan zo a zama guda, gwargwadon halin da mutum ya shiga da shi da wurin da yake. LSD kan kai awa 8 zuwa 12 bai saki mutum ba.

Masu ƙara kuzari, irin su hodar iblis da amfetamin, dofamin da noradiranalin suke ƙarawa. Duniya na nan yadda take, mutum ne ke zabura: barci ya gudu, yunwa ta ɗauke, zuciya ta yi ta bugawa, baki ya ƙi rufuwa. Idan suka sake shi sai kasala da ƙunci, sai neman ƙari, daga nan jaraba ke kama shi. Wanda ya yi kwanaki yana sha ba barci shi ma yakan fara zargin ana bin sa, har ya ji muryoyi.

LSD ba ya jawo irin wannan jaraba, domin in aka maimaita washegari ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Amma ina jin tsoron a ɗauki wannan a matsayin lasisi. Mutumin da ya firgita yana iya faɗa wa titi, wanda kuma ake da taɓin hankali a danginsa yana iya tayar da ciwon da ke kwance, ya daɗe bai dawo daidai ba.