Ba Mu Karɓi Ko Kwabo Ba, Me Ya Sa Kuɗin Inshora Ya Ƙaru?

 

Yau wasiƙa ce a hannuna daga wata baiwar Allah a Kano. Ta ce maigidanta ya rasu ya bar musu mota, ita ce ake kai marayu makaranta da ita, ƙaninta ne ke tuƙawa. Tun marigayin yana raye yake yi wa motar cikakkiyar inshora, ita ma ta ci gaba da biya daga cinikin atamfa da take yi a ɗaki. A 2022 ta biya naira 120,000. Da aka zo sabuntawa a 2023 aka ce 200,000. A 2024 kuma aka ce 300,000. Ta ce, "Hajiya, motar nan ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba, ba mu taɓa zuwa neman diyya ba. Ni ba fita nake ba, aike nake yi. Shin ƙanina ne ke ƙara nasa a kai, ko kamfanin ne ke cutar marayu?"

To 'yar uwa, kafin zargi ya shiga tsakaninki da ɗan uwanki, bari mu zauna mu yi lissafin tare, don zumunci ya fi mota tsada.

Abu na farko, inshora ba adashi ba ce. A adashi, abin da kika zuba shi za ki kwasa idan ɗaukarki ta zo. Inshora kuwa tukunya ce ɗaya da mutane da yawa ke zubawa, a ɗebi abin da ke ciki a ba wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Ga misali daga cikin gida. A ce mata 100 ne a unguwa, kowacce da injin markaɗe. Suka lura kusan duk shekara inji 5 ke lalacewa, gyaran kowanne naira 20,000. Jimla 100,000 ke nan. Sai suka yi shawara kowacce ta kawo 1,000 a farkon shekara, duk wadda nata ya lalace a gyara mata. Shekara ta zagayo, mai gyara ya ce kayan inji sun yi tsada, yanzu gyara 30,000 ne. Inji 5 ɗin nan dai su ne, ba su ƙaru ba, amma kuɗin gyaransu ya koma 150,000. Dole kowacce ta kawo 1,500, har da mata 95 da injinsu bai ko yi tari ba. Ba laifi suka yi ba. Abin da za a ɗiba daga tukunyar ne ya ƙaru. Kuɗin inshora ba hukunci ba ne a kan abin da kika yi bara, ƙiyasi ne na abin da za a kashe wa dukan masu zubi a shekara mai zuwa.

Yanzu mu dawo kan mota. Inshorar mota iri biyu ce aka fi sani a Najeriya. Akwai ta dole, wadda doka ta ce duk abin hawan da zai hau titi sai da ita. Ita ba ta gyara motarki, sai dai ta biya wanda motarki ta yi wa ɓarna ko ta ji wa rauni. Akwai kuma cikakkiya, wadda ta haɗa wancan da gyaran motarki, da gobara, da sata. Ita ce mai wasiƙarmu ke biya.

Ita cikakkiya lissafinta abu biyu ne: darajar motar da aka rubuta a takarda, da kason da kamfani ke ɗauka cikin ɗari na wannan darajar. Na duba alƙaluman da 'yar uwarmu ta kwafo mana daga takardunta. A 2022 an rubuta darajar motar naira miliyan 4, aka ɗauki kashi 3 cikin ɗari. Kashi 3 na miliyan 4 shi ne 120,000 daidai.

Me ya faru a 2023? A watan Disamba na 2022 hukumar da ke kula da kamfanonin inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta fitar da sabon farashi da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023. A ciki ta ce cikakkiyar inshorar mota kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, bayan an cire duk wani rangwame. Darajar motar 'yar uwarmu ba ta canza ba a takarda, miliyan 4 ce, amma kashi 5 na miliyan 4 shi ne 200,000. Kin ga ke nan ƙarin 80,000 ɗin nan ba daga ƙaninki ya fito ba, daga sama ya sauko.

Wata za ta ce, ai mun ji ana yi wa wanda bai nemi diyya ba rangwame. Gaskiya ne, kamfanoni na yin wannan, kuma haƙƙinki ne ki tambaya. Amma ki lura da maganar hukumar: bayan an cire duk wani rangwame. Idan kamfani ya fara lissafi daga kashi 6, ya yi miki rangwame, zai iya saukowa zuwa 5, daga nan sai ya tsaya. Rangwamen yana nan, sai dai an yi masa iyakar da ba zai wuce ba, shi ya sa ba ki ga alamarsa a hannu ba.

Wannan sanarwar ta taɓa masu inshorar dole ma. Motar gida da ake biya wa 5,000 a shekara ta koma 15,000. Amma abin da kamfani zai biya idan motar ta lalata dukiyar wani shi ma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mata masu adaidaita sahu da suke ba direba yana kawo balas, taku an sa ta 5,000, babur kuma 3,000. Ita wannan farashinta ɗaya ne ga kowa a rukuninsa, ko an yi haɗari bara ko ba a yi ba.

Saura ƙarin 2024. Nan kason bai motsa ba, kashi 5 ne, darajar motar ce aka mayar miliyan 6. Kashi 5 na miliyan 6 kuwa 300,000 ne. Za ki ce yaya mota tana tsufa kuɗinta na hawa? Ai kin gani a kan atamfar da kike sarowa. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Motocinmu da kayan gyaransu, fitila da gilashi da bamba, yawanci daga waje ake shigo da su. Motar da aka saya miliyan 4 ba za a same ta a haka ba a kasuwa, fitilar da za a sa mata ma ta ninka.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, don nan ake yin kuskure. Wata za ta ce a bar darajar a miliyan 4 yadda take, a ci gaba da biyan 200,000. Ana iya yin haka, amma ki san abin da kika saya. Idan Allah ya kawo ƙaddara aka sace motar, kamfani ba zai ba ki sama da abin da ke rubuce ba. Za ki karɓi miliyan 4 ko ƙasa da haka, ki je kasuwa ki tarar ana cewa 6. Kin yi tsimin 100,000, kin yi asarar miliyan 2. Haka kuma kada a zuga darajar fiye da gaskiya, don ranar biya farashin kasuwa za su duba, ƙarin da kika biya ya tafi a banza.

To ke da ke cikin gida, ta yaya za ki gane ƙarin gaskiya ne? Ki sa a kawo miki takardar bara da ta bana, ba rasit kaɗai ba, har da takardar da ke ɗauke da bayanin mota. Idan ba kya karanta Turanci, ki kira ɗiyarki ko ɗanki 'yan makaranta. Ku nemo darajar motar a takardun biyu, ku nemo kuɗin da aka biya, ku ga wanne ya motsa. Idan daraja ta hau, a tambayi dillalin mota nawa irinta take yanzu. Idan daraja ba ta hau ba amma kuɗi ya hau, kason ne aka ƙara, ko kuma an cusa wani abu da babu shi bara, kamar kariya daga ambaliya ko tarzoma. Ki sa a tambaya, a rubuto miki amsa. Idan kuwa kuɗin da ke kan takarda bai kai wanda kika ba ɗan aike ba, wannan kuma magana ce ta cikin gida.

Idan lissafi ya fita daidai amma kuɗin ya fi ƙarfinki, akwai hanyoyi. Kamfani ba ɗaya ba ne, a tambayo farashin biyu ko uku tun kafin wa'adi ya cika. Idan motar ta tsufa sosai, kina iya komawa inshorar dole kaɗai, amma da sanin cewa gyara da sata sun dawo wuyanki. Akwai kuma kamfanonin takaful, masu bin tsarin Musulunci, inda zubin yake a matsayin gudunmawa, idan an samu rara a asusun bayan biyan diyya sai a raba wa masu zubi, musamman waɗanda ba su karɓi komai ba. Su ma fa kuɗin zubinsu na hawa idan kayan gyara sun yi tsada, kuma rarar ba alkawari ba ce.

Hanya ɗaya ce zan ce ku guje mata: takardar araha ta bakin tasha. Duk wanda ya ce zai kawo miki inshorar dole ta motar gida a tsohon farashi na 5,000, ki yi shakka. Takardar bogi kamar ta gaske take a ido, sai ranar da aka buge motar wani a je kamfani su ce ba su san da ita ba, biya ya dawo kanki. Daga ɗakinki za ki iya dubawa: ki danna *565*11# a waya, ki bi abin da aka tambaya, ki sa lambar motar, za a nuna miki ko tana cikin rajista.

Ke kuma 'yar uwa mai wasiƙa, lissafinki ya fita daidai har kwabo, 120,000 da 200,000 da 300,000. Ƙaninki bai ci amanarki ba. Ki kira shi ki sa masa albarka, sannan ku zauna ku duba ko cikakkiyar ce za ku ci gaba da ita bana. Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu, ya tsare mu daga tsautsayin hanya.

Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.