Wasa da ɗalibi a aji: inda gatse yake daina koyarwa

Duk wanda ya bi ta lungunan Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi da hantsi ya san ƙarar da ke tashi daga tagogin makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu, da yamma kuma na Islamiyya. Wani lokaci karatu ne, wani lokaci dariya ce ta aji guda. Dariyar nan iri biyu ce. Akwai wadda malam da ɗalibansa suke yi tare, akwai kuma wadda aji yake yi wa yaro ɗaya da izinin malam. Daga waje ba ka iya bambance su, amma yaron da ke tsaye a gaban allo ya san wadda ake yi.

Bahaushe bai ɗauki zolaya a matsayin laifi ba. Muna da wasan Kanawa da Zagezagi, na Fulani da Barebari, na taubasai, na jika da kaka. A Jamhuriyar Nijar har hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a shekarar 2014. Sai dai duk wasannin nan suna tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya: wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Idan kaka ta ce wa jikanta mijin banza wanda ba ya cefane, yana iya ce mata ai ya yi sabuwar amarya, kowa ya dara a tashi lafiya. A aji babu wannan daidaiton. Malam ne da maki, shi ne da bulala, shi ne da bakin da za a ji a ofishin hedimasta. Yaron da ya mayar masa da magana sunansa marar kunya, kuma idan labari ya isa gida wani hukuncin ne. Don haka nauyin kiyaye iyaka yana wuyan malam shi kaɗai.

Abu na biyu shi ne shekarun yaro. Gatse magana ce da ake faɗi ana nufin akasinta, kuma gane ta aiki ne da ƙwaƙwalwa take koya a hankali. Binciken Penny Pexman da abokan aikinta a Jami'ar Calgary ta ƙasar Kanada ya nuna cewa yara suna fara gane cewa mai gatse ba abin da ya faɗa yake nufi ba a wajen shekara biyar zuwa shida, amma gane cewa akwai raha a ciki sai sun kai wajen takwas ko tara, wasu ma sun wuce haka. Ma'anar wannan a aji a fili take. Idan malama ta ce wa ɗan aji ɗaya na firamare, “Ci gaba da surutunka, ai ka kyauta,” yana iya ci gaba da gaske, sai kuma a dake shi a kan taurin kai. Ɗan aji uku ya gane ba yabo ba ne, amma zafin kawai yake ji. Idan kuma da Turanci aka yi gatsen, a makarantar da yara suke fama da harshen tun farko, an haɗa musu wahala biyu.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce ajin firamare biyar ne a wata makaranta a Tarauni, yara sun cika benci har wasu a ƙasa, darasin lissafi ne. Malam ya rubuta 1/2 + 1/3 a allo, ya kira wani yaro. Yaron ya rubuta 2/5. Wannan kuskure ne sananne, kuma yana da dalili: ya tara na sama da na sama, ya tara na ƙasa da na ƙasa, kamar yadda aka koya masa tarawa tun aji ɗaya. Wato yaron ya yi tunani, ƙa'idar ce ya ɗauko daga inda ba ta aiki.

Malam na farko ya juyo ya ce, “Sannu Farfesa! Ku tafa wa Farfesa.” Aji ya kece da dariya da tafi. Yaron ya koma mazauninsa, an kira wani ya rubuta 5/6, an wuce. A duba abin da aka samu. Yaron ya san ya yi kuskure, amma bai san ina kuskuren yake ba, domin babu kalma ɗaya a maganar malam da ta taɓa lissafin. Sauran yaran da suka rubuta 2/5 a littattafansu, kuma a irin wannan aji ba su da kaɗan, sun goge a ɓoye sun kwafi 5/6, sun kuma ƙudurta ba za su ɗaga hannu ba. Sunan Farfesa kuwa ya fita tare da yaron lokacin tara, ya bi shi filin ƙwallo, ya bi shi Islamiyya da yamma, tunda yaran unguwa ɗaya ne suke haɗuwa a ko'ina.

Malam na biyu shi ma mai barkwanci ne. Ya dubi allo ya ce, “To, zo mu yi ciniki. Ga Naira ɗari shida. Na ba ka rabinta, nawa ke nan?” Yaro ya ce ɗari uku. “Na ƙara maka kashi ɗaya cikin uku nata, nawa ne?” Ɗari biyu. “Nawa ke hannunka?” Ɗari biyar. “To biyu bisa biyar na ɗari shida, ɗari biyu da arba'in ne. Wannan lissafin da ke allo ɓarawo ne, an yi maka ƙari ya sa ka koma ƙasa da inda ka fara. Mu kama shi.” Aji ya yi dariya, yaron ma ya yi, domin lissafin ake yi wa dariya. Daga nan malam ya nuna cewa rabi shi ne 3/6, kashi ɗaya cikin uku shi ne 2/6, sai an mayar da na ƙasa iri ɗaya sannan a tara na sama, a samu 5/6, wanda shi ne ɗari biyar ɗin nan daga cikin ɗari shida. Yaron da kansa ya goge ya gyara. Minti uku ko huɗu ne suka ƙaru a kan abin da malamin farko ya kashe.

Duka malaman biyu sun sa aji dariya. Bambancin shi ne inda aka nufa da maganar, da abin da yaro ya koma mazauninsa da shi. A ganina nan ne iyakar take. Muddin wasa yana kan aikin, kuma a cikinsa akwai hanyar gyara, koyarwa ce. Da zarar ya koma kan yaron kansa, kan ƙwaƙwalwarsa, ko i'inarsa, ko yagaggen yunifom ɗinsa, ko sana'ar ubansa, ko ƙauyen da iyayensa suka fito, ko kuɗin makarantar da ba a biya ba, to horo ne a bainar jama'a, ko da da murmushi aka yi shi. Mafi muni shi ne abin da yaro ba shi da ikon canzawa. Yarinyar da aka ce wa, “Ke dai ki jira miji kawai,” ba a ba ta wani abin da za ta gyara kafin gobe ba. Malaman Islamiyya sun fi kowa sanin cewa aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi, kuma ba ta ware malami da almajirinsa ba.

Ba mugunta ce take kawo yawancin gatsen aji ba. Gajiya ce, da cunkoso, da gudun kada manhaja ta ƙare ba a kai ba. Akwai kuma malaman da suka ajiye bulala saboda makaranta ta hana duka, sai harshe ya gaje ta, suna ganin sun sassauta. Gaggawa ma tana da hannu. Mary Budd Rowe, wata mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara sukan yi tsawo, masu cewa ba su sani ba su ragu. Sau da yawa a cikin wannan ɗan shirun ne gatse yake faɗowa: “Ko sai mun aika gida an kawo amsar?” Malamin da ya saba wa kansa ƙirga uku a zuci kafin ya sake magana ya rage rabin abin da zai yi nadama a kai.

Su ma ɗalibai suna tsokanar malamai, kuma kusan kowane malami yana da sunan da ake kiransa a bayan idonsa. Waɗanda suka fi shan wannan su ne ɗaliban kwalejin ilimi da ake turowa koyon aikin koyarwa, irin na Sa'adatu Rimi, da masu yi wa ƙasa hidima da ba sa jin Hausa, waɗanda yara kan koya wa kalmar banza su ce gaisuwa ce. Malamin da ya iya dariya idan an kama shi da kuskure a allo, ya ce “Allah ya yi maka albarka, ka gyara ni,” ya buɗe ƙofar da za ta sa nasa wasan ya karɓu. Wanda kuwa yake zolayar yara amma ko murmushi aka yi masa sai ya ce a durƙusa, ya nuna cewa abin nasa ba wasa ba ne tun asali.

Ta yaya uwa ko uba za su gane an wuce gona da iri? Yaro ba kasafai zai ce malam yana yi mini gatse ba, sau da yawa ma bai san sunan abin ba. Alamomi ake dubawa. Ciwon ciki ko ciwon kai da ke zuwa a ranar darasi ɗaya tak. Littafi cike da amsoshi daidai, amma idan ka ba shi irin tambayar a gida ya kasa, alamar kwafa yake don gudun allo. Sabon suna da yaran layi suka fara kiransa da shi, shi kuma yana sunkuyar da kai. Ko ka ji shi yana yi wa ƙanensa irin maganar, da irin muryar. Shi malam alamarsa tana gabansa: idan hannuwan da ke tashi a farkon zango sun koma na yara uku ko huɗu na bencin gaba, ya binciki harshensa kafin ya zargi yaran da lalaci.

Idan an ga haka, a tambayi yaro ainihin kalmomin da aka faɗa da wanda ya ji, ba tare da an sa masa magana a baki ba. Sannan a sami malamin shi kaɗai, ba a ƙofar aji ba, a gaisa, a ce, “Malam, sunan nan da aka sa wa yaron nan ya bi shi har gida, a taimaka a cire masa.” Malamai da yawa ba su san maganarsu ta yi nisa haka ba, kuma malamin da ya sa suna shi ne ya fi kowa iya kashe shi, ta hanyar kiran yaron da sunansa na yanka a gaban aji da tsawatar wa duk wanda ya maimaita laƙabin. Idan bai daina ba, sai hedimasta. Bayan shi akwai ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin unguwa mai kula da makaranta, a makarantar gwamnati kuma akwai ofishin sakataren ilimi na Ƙaramar Hukumar Tarauni. A makaranta mai zaman kanta, mai makarantar ake gani, kuma yana da kyau a je da ranar da abin ya faru da kalmomin a rubuce, domin kada zancen ya koma musu tsakanin yaro da babba.