Jefa Ƙuri'a da Dangwala Yatsa: Fassarar Sanarwar Zaɓe a Ƙasar Illela

A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, mai zaɓe ba ya yin wata alama a kan takarda. Akan miƙa masa ƙuri'a, ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya tarar da akwatuna a jere, kowane da alamar jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Akwatin da ya jefa takardarsa ciki, shi ne zaɓinsa. Saboda haka kalmar "jefa ƙuri'a" ta ɗauke aikin dukansa, ba ta bar kome ba.

Yau kalmar tana nan, amma aikin ya sāke. Jam'iyyu duka suna kan takarda guda, akwati kuwa na muƙami ne, ba na jam'iyya ba. Zaɓin yana faruwa ne lokacin da mutum ya dangwala yatsa, jefawa cikawa ce kurum. Waƙar rediyo da ta tsaya ga "ku fito ku jefa ƙuri'a" ta kira mutane, amma ba ta koya musu kome ba. Hasarar kuwa ba kaɗan ba ce: a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, ƙuri'u 939,278 hukumar INEC ta ƙirga cikin waɗanda suka lalace.

Ƙasidun hukumar da Turanci ake fara tsara su, kāna a juya su zuwa harsunan ƙasa. Wurare uku ne mai fassara ya fi yin tuntuɓe. Na fari, yatsa. Turancin ya saba ambaton babban yatsa, alhali tun gabanin zaɓen 2019 hukumar ta bayyana cewa kowane yatsa ya halatta. A wannan shekara 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, gurabe suka matsu ƙwarai, har babban yatsan manomi yana iya haurawa cikin gurbin maƙwabci. "Yatsa ɗaya, cikin gurbi ɗaya" ya fi kiyaye manufa.

Na biyu, abin da za a yi da takardar bayan dangwale. Umurnin shi ne a naɗe ta a tsaye, rubutu yana ciki, sa'an nan a danne. In mai fassara ya ce "a ninke", Bahaushe zai haɗa sama da ƙasa kamar wasiƙa, ɗanyen tawada ya shafi gurbin wata jam'iyya, takarda ta fito da alama biyu. "A naɗe kamar tabarma" ba ya bukatar ƙarin bayani.

Na uku, lokaci. A 2015 sai an gama tantance mutane da safe kāna a soma zaɓe da rana. Daga baya aka haɗa su, mutum ya tantance ya yi zaɓe nan take. A 2023 an buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, wanda kuma ya shiga layi kafin 2:30 na rana yana da haƙƙin a saurare shi. Waƙa mai daɗi takan daɗe a bakin mutane fiye da dokar da ta haife ta. Don haka hikima ita ce a bar amshi ga abin da ba ya sākewa, a faɗi rana da sa'a da baki a ƙarshe.

A Illela da ƙauyukanta, irin su Lafani, akwai wata wahala kuma. Birnin Ƙonni na kusa, muryar gidajen rediyon Nijar tana shigowa kamar ta Rima Rediyo, da Hausa iri ɗaya. Nijar ta yi zaɓenta ranar 27 ga Disamba 2020, ta yi zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, ƙarƙashin hukumarta CENI, da katinta dabam. Sanarwar da ba ta ambaci sunan ƙasa da na hukuma tun farko ba, tana iya rikita mai saurare a kowane gefe.

Haka nan sauran harsuna. Fulatancin da aka rubuta a Adamawa ba daidai yake da na Fulanin Sakkwato ba, kuma in aka juya shi daga fassarar Hausa, kuskuren "ninke" zai bi shi can. Ƙasidar boko kuwa ba ta isa ga wanda ajami kaɗai ya iya, sai hoto ya ɗauki nauyin: hannu, yatsa, gurbi, naɗi.

Hanyar gane fassara ta yi, ba tambayar mutane ko sun fahimta ba ce, gama kunya takan sa kowa ya ce i. A tara dattawa da mata, a sa musu waƙar sau biyu, a ba su takardar gwaji da tawada, a ja da baya. In aka warware takardun, inda tawada ya ɓata, nan kalmar da za a gyara take.