Abin da ya kamata ku sani: dala 500 da aka biya ka, nawa ke isowa Gombe?

Matashin da ke zaune a Tudun Wada ko Pantami yana zana tambarin kamfani ko yana fassara wa wani a Turai, kuɗinsa ba kai tsaye suke faɗowa asusunsa ba. Sai sun ratsa hannun dandalin da ya haɗa shi da mai aikin, sannan kamfanin da ke turo kuɗin, sannan banki. Kowa da abin da yake gutsura.

Mu ɗauka ka yi aikin dala 500 a Fiverr, mu kuma ƙaddara canjin ranar naira 1,500 ne. Kai a ranka ka riga ka lissafa naira 750,000. To, Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari a matsayin la'ada, saura dala 400. Kamar dillalin Tudun Hatsi ne, illa dai wannan ba a yin ciniki da shi. Upwork a da yana cire kashi 10, amma daga 2025 ya mayar da la'adarsa mai hawa da sauka, har zuwa kashi 15 gwargwadon aikin.

Nan ne mutane da yawa ke kuskuren lissafi. Mai son dala 500 ta rage masa sai ya ƙara kashi 20 ya faɗi 600. Amma daga 600 ɗin za a cire la'adar, a bar shi da 480. Farashin da ya kamata ya faɗa shi ne 625, wato ya raba abin da yake so da 0.8.

Sai jira. Idan ka miƙa aiki mai shi ya yi shiru, Fiverr na ɗaukar an kammala bayan kwana 3. Daga nan a riƙe kuɗin kwana 14 kafin ka iya taɓa su, saboda gudun ƙorafi ko mai katin ya janye biyansa ta bankinsa. A Upwork kwana 5 ne ga aikin da aka yanke wa farashi. Wannan jiran ba ɓata lokaci kawai yake yi ba, domin naira ba ta zama wuri ɗaya tun da Babban Bankin Najeriya ya sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. A ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta kai wajen naira 1,900 a hannun 'yan canji, zuwa tsakiyar Afrilu ta faɗo kusan 1,100. Wanda kuɗinsa ke tsare a lokacin yana ji yana gani darajarsu ta zube. Wani lokacin kuma jiran riba yake jawowa, amma ba abin dogaro ba ne ga mai kuɗin haya a wuyansa.

Yankan da ya fi wuyar gani shi ne na canji, don ba koyaushe ake rubuta shi daban ba, a cikin farashin dalar yake ɓuya. Ka tura dala 400 ɗin zuwa Payoneer, ka ce a zuba maka naira a banki. Idan an rage kashi 2 daga canjin kasuwa, dalar 1,500 ta koma 1,470, abin da zai shigo naira 588,000 ne. In kuma canji ya sauka zuwa 1,450 a makonnin jiran, 568,400 za ka gani. Gane shi ba wuya: kafin ka danna amincewa, raba nairar da aka nuna maka da yawan dalar, ka gwada da canjin ranar.

Shi ya sa wasu ke buɗe asusun dala a banki, ko su bi ta manhajoji irin su Grey, don su riƙe dalar su sayar ranar da suka ga dama. Hanyar na da amfani, sai dai idan kuɗin sun biyo ta SWIFT bankunan tsakiya na iya cire wani tsayayyen kuɗi, ko da yawa ka turo ko kaɗan. In an cire dala 15 daga 100, kashi 15 ke nan. Daga 1,000 kuwa kashi ɗaya da rabi. Gara a tara a cire gaba ɗaya.

Riƙon da ya fi ciwo shi ne wanda ba shi da ranar ƙarewa, wato a rufe asusu don bincike. Abin da ke yawan jawo mana shi a nan shi ne suna: Muhammad a katin NIN, Mohammed a banki, ko sunan mahaifi ya riga naka a wata takardar. Haka ma shiga da VPN, ko cire kuɗi zuwa asusun yayanka. Ka daidaita sunan da ke NIN, BVN da dandalin harafi da harafi tun kafin ka karɓi aikin farko, domin da zarar an tsare kuɗin, gyaran takardu kan ci makonni.