Sallamar Lauya Sai Da Takarda

A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana shari'ar fili a Babbar Kotun Jihar Kano. Sun yi tsada da lauyansa a kan naira 600,000, ya biya 400,000 kafin alƙalami. Sai ga shi ana ta ɗage zama, lauya ba ya zuwa, waya ma ba ya ɗagawa. Yawancin mutane a nan sai su yi fushi su nemi wani lauya, su bar na farko ba ko sallama.

Wannan kuskure ne, domin a idon kotu, wanda sunansa ke cikin takardun ƙara shi ne lauyansa har yanzu, kuma ofishinsa za a ci gaba da kai duk wata sanarwa.

Mafita ita ce wasiƙa gajera, mai kwanan wata da sa hannu. Bayan sunan shari'ar da lambarta, sai ya faɗa ƙarara cewa daga yau ya janye wakilcin da ya ba lauyan. Ba dole ne ya kawo dalili ba, zagi kuwa ba ya ƙara wa wasiƙar ƙarfi. Sannan ya nemi fayil ɗinsa, yana kiran abubuwa da sunansu: asalin takardar mallakar filin, rasitan ciniki, wasiƙun da aka rubuta a madadinsa, da kwafin duk abin da aka shigar kotu. Ya sa wa'adi da zai cika kafin zama na gaba. Idan ya kai, akawun ofis ya buga hatimi a kan kwafinsa.

Batun kuɗi ne ke da sarƙaƙiya. Ƙa'idojin aikin lauyoyi a Nijeriya sun ba lauya damar riƙe takardun wanda yake bi bashin ladan aiki. Shi ya sa mai wayo ke neman lissafin ƙarshe a cikin wasiƙar: me aka yi, zama nawa aka je, nawa aka kashe wajen shigar da takardu, nawa ya rage. Mai yiwuwa ma aikin bai kai 400,000 ɗin ba, ya zama ɗan kasuwar ne ke da canji. Sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ya hana lauya kai ƙarar neman kuɗinsa sai ya ba da lissafi dalla-dalla mai sa hannunsa, kuma wata ɗaya ya wuce. Wanda yake ganin an tsuga masa kuɗi, a cikin watan nan zai roƙi kotu ta sa a tantance lissafin.

Sauran aikin na sabon lauya ne. Shi zai sanar da tsohon, ya kuma shigar da sanarwar canjin lauya a kotu. Kafin a yi hakan, mai shari'a ya tabbata ya je kotu da ƙafarsa ranar zama, domin alƙali na iya korar ƙarar da aka kira babu mai ita.